Na'ura ta ce bai shiga ba, banki ya ce ya fita: ina kuɗin yake?

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ranar wata Juma'a cikin azumi, bayan an sauko daga masallaci, wani magidanci ya shiga Kantin Kwari zai yi wa iyali kayan sallah. Aka yi ciniki, atamfofi da shadda suka tashi Naira 85,000. Ya miƙa katinsa, yaron shago ya saka a POS, ya danna lambar sirri. Na'ura ta yi ta juyi, can sai ta turo rasit ɗauke da kalmar DECLINED.

"Alhaji, netwok ne. A sake sakawa," in ji mai shago.

Aka sake. Wannan karon sai ga APPROVED. Ya ɗauki kayansa ya fita. Bai kai bakin titi ba wayarsa ta yi ƙara sau biyu a jere, kowane alat yana cewa an cire 85,000. Kayan dubu tamanin da biyar, an zare masa dubu ɗari da saba'in. Ya koma shago, mai shago ya buɗe wayarsa ya nuna masa cewa sau ɗaya kuɗi ya shigo, ya kuma rantse. Gaskiya ya faɗa. Shi ma Alhaji gaskiya ya faɗa. To ina ɗaya dubu tamanin da biyar ɗin?

Amsar tana cikin hanyar da saƙo ke bi. Idan ka saka kati a POS, ba kuɗi ne ke tashi daga asusunka ya faɗa cikin na'urar ba. Tambaya ce na'urar ke aikawa: ga kati kaza yana son biyan kuɗi kaza, a amince? Tambayar tana bi ta kamfanin da ke kula da na'urar, ta wuce ta masu haɗa bankuna irin su NIBSS da Interswitch, sannan ta isa bankin da ya ba ka katin. Bankinka ya duba lambar sirri, ya duba ko akwai kuɗi, ya cire, sai ya mayar da amsa cewa ya amince. Amsar nan dole ta sake bin hanyar da tambaya ta biyo, zango bayan zango, har ta dawo hannun yaron shago. Ita kuwa na'urar ba ta jira har abada. Daƙiƙu kaɗan aka ba ta. Idan wa'adin ya cika amsa ba ta iso ba, sai ta yanke cewa ciniki bai yiwu ba, ta buga DECLINED.

Ka ga ke nan kowa a cikinsu abin da ya gani ya faɗa. Banki ya cire kuɗi, domin tambaya ta iso masa kuma ya amsa. Na'ura ta ce bai shiga ba, domin ba ta ji amsar ba. Kamar ka aiki yaro wurin mai shago ne da kuɗi, ya biya, amma a hanyar dawowa ruwa ya tare shi, kai kuma da ka gaji da jira ka ce a bar sayayyar.

Saboda haka kalmar da ke kan rasit ba hukunci ba ce, rahoto ne daga gefe guda. Amma lambar da ke ƙarƙashinta tana da labari. A kusan kowane rasit akwai lamba biyu da ake kira RESPONSE CODE. Idan ka ga 00, an amince. Idan 51 ne, kuɗin asusu bai kai ba. Idan 55 ne, lambar sirri aka yi kuskure. Waɗannan biyun na ƙarshe bankinka ne da kansa ya ce a'a, don haka babu dalilin da zai cire komai, kuma hankalinka kwance kana iya gyarawa ka sake. Wadda ya kamata ta tsayar da kai ita ce 91, mai nufin ba a samu banki ko mai haɗa bankuna ba, da 'yar uwarta 96, mai nufin tangarɗar na'ura. A nan babu wanda ya ce a'a, shiru ne kawai aka ji, kuma cikin wannan shirun ne kuɗi ke maƙalewa. Da Alhaji ya san haka, da ya dakata minti biyu ya duba ragowar kuɗinsa kafin ya sake miƙa kati.

An tsara abin ne ta yadda zai gyara kansa. Da zarar na'ura ta yanke cewa ba ta ji amsa ba, sai ta aika saƙo na biyu: cinikin can mai lamba kaza, a soke shi. Idan wannan saƙon ya isa bankinka, kuɗin na dawowa cikin mintuna, wani lokaci tun kafin ka bar shagon. Shi ne abin da ma'aikatan banki ke nufi in sun ce zai dawo da kansa. Matsalar ita ce hanyar da ta hana amsa dawowa, ita ce dai saƙon sokewa zai bi. In hanyar ba ta gyaru ba, shi ma ya ɓace.

Daga nan kuɗin yana ɗaya daga wuri biyu, kuma bambancinsu shi ne ya sa wani nasa ke dawowa washegari, wani kuma ya yi wata guda yana zarya. Na farko, kuɗin yana nan a bankinka, an ɗauke shi daga asusunka an ajiye a asusun wucin gadi na bankin, yana jiran a zo karɓa. Idan aka zo daidaita lissafi tsakanin bankuna, wanda galibi ake yi a ranar aiki ta gaba, sai a ga babu wanda ya nemi wannan kuɗin, a mayar maka. Na biyu shi ne mai wahala. A littafin masu haɗa bankuna cinikin ya zauna a matsayin wanda ya yi nasara, don haka da aka zo biyan 'yan kasuwa sai aka tura kuɗin bankin mai shago, wataƙila ma har asusunsa, cikin dunƙulallen kuɗin cinikin ranar, ba tare da ya lura ba. Wannan ba ya dawowa da kansa komai daɗewar jira. Sai bankinka ya shigar da ƙorafi a hukumance, bankin mai na'ura ya tambayi mai shago: ka ba da kaya a kan wannan cinikin ko ba ka ba da ba?

Kafin mu bi Alhaji banki, ya kamata a san wa'adin da doka ta sa. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da umarni da ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2020, inda ya rage kwanakin da bankuna ke ɗauka. Idan katin bankinka ka saka a ATM na bankinka ya ƙi ba da kuɗi amma aka cire, dole a mayar nan take, idan kuma tangarɗa ta hana, a mayar da hannu cikin awa 24. Idan a ATM na wani banki ne, kada ya wuce awa 48. Cinikin POS da na sayayya ta intanet kuwa, a kammala warware shi cikin awa 72. Kafin wannan umarni, ana ɗaukar kwana uku zuwa biyar. Dalilin da ya sa wa'adin ya bambanta a fili yake: a ATM na bankinka, kati da na'ura da kuɗin da ke cikinta duk na gida ɗaya ne, babu wanda za a tambaya. A POS kuwa aƙalla banki biyu ne da mai haɗa su da ɗan kasuwa, kowa da littafinsa.

A takarda, awa 72 daga ƙarfe biyu da 'yan mintuna na ranar Juma'a ta cika ranar Litinin da rana. A aikace, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin kula da masu hulɗa ya san abin da za a ce masa: kwana uku na aiki. Sai Asabar da Lahadi su fita daga lissafi, Litinin ta zama ranar farko, maganar ta kai Laraba. Ni a ganina wannan sassauci ne da bankuna suka yi wa kansu, amma gardama a kansa ba ta dawo da kuɗi. Abin da ke da amfani shi ne kada mutum ya zauna yana jiran wa'adi ya cika kafin ya yi magana. Idan awa 24 ta wuce kuɗin POS bai dawo ba, alama ce cewa saƙon sokewa bai isa ba, kuma akwai yiwuwar kuɗin ya tsallaka. Shigar da ƙorafi da wuri bai hana kuɗin dawowa da kansa in zai dawo, amma jinkiri yana ƙara kwanaki in ba zai dawo ba.

Alhaji ya je banki ranar Litinin da safe. Aka ba shi fom, ya rubuta lambar asusunsa, ranar ciniki, da kuɗi 85,000. Wurin da aka rubuta RRN, wato lambar shaidar ciniki da ke jikin rasit, ya bar shi fayau, domin rasit ɗin farko yaron shago ya duƙunƙune ya jefar tun a lokacin, shi kuma bai ga amfanin takardar da ta ce ciniki bai yiwu ba. Bayan kwana huɗu amsa ta zo: an ƙi ƙorafin, ɗan kasuwa ya kawo shaida cewa an yi ciniki an ba da kaya.

Babu wanda ya yi ƙarya a nan ma. An tambayi mai shago game da cinikin 85,000 na ranar Juma'a da kati mai ƙarewa da lamba kaza. Ya duba, ya ga rasit mai APPROVED, ya ɗauki hotonsa ya tura. Ciniki biyu ne masu kuɗi ɗaya, kati ɗaya, na'ura ɗaya, rana ɗaya, tsakaninsu minti ɗaya ko biyu. Duk abin da Alhaji ya rubuta a fom ya dace da kowannensu. Abu ɗaya ne ya raba su, shi ne wanda ya bari babu komai.

Ga yadda rasit ɗin biyu za su kasance, da lambobin da na ƙirƙira don misali:

```
DECLINED
RESPONSE CODE: 91
STAN: 004417
RRN: 507314004417
```

```
APPROVED
RESPONSE CODE: 00
STAN: 004418
RRN: 507314004418
```

STAN lamba shida ce da na'ura ke ƙirgawa da ita, kowane yunƙuri da tasa. RRN kuwa guda goma sha biyu ce, kuma ita ce sunan yankan cinikin. Tana tafiya tare da saƙon tun daga na'ura har banki, ana rubuta ta a kowane zango. Da ita ma'aikacin banki zai nemo cinikin a littafin masu haɗa bankuna ya ga ko ya yi nasara, ko an soke shi, ko an biya ɗan kasuwa. In ka ba shi kuɗi da rana kawai, ka ce masa ne ya nemo maka Musa a Kano. In ka ba shi RRN, ka gaya masa unguwa da lambar gida.

Shi ya sa rasit mai DECLINED ya fi mai APPROVED muhimmanci a wurin mai kati. Na biyun kayanka suna hannunka, shaida ce da kanta. Na farkon kuwa shi kaɗai ne abin da kake da shi. Takardar POS kuma rubutunta na gogewa, musamman a aljihu lokacin zafi, don haka a ɗauki hotonta nan take.

Rasa rasit ba ƙarshen magana ba ne. Alhaji ya koma Kwari.

"Malam, don Allah a duba mini cinikin ranar Juma'ar nan a na'urarka, wanda bai shiga ba."

"Ranka ya daɗe, ai na tura musu rasit."

"Na wanda ya shiga ka tura. Ɗayan nake nema."

Galibin na'urorin POS da manhajojinsu suna ajiye tarihin ciniki, har da waɗanda ba su yi nasara ba, kuma ana iya sake buga rasit. Mai shago ya nemo, ya buga masa. Hanya ta biyu ita ce bayanan asusu daga banki, wanda ake kira sitatimen. A layin kowace cirewa akwai bayani mai ɗauke da lambobi, kuma sau da yawa RRN ko STAN na ciki. Alhaji ya ɗora rasit biyu a kan layi biyu na sitatimen, kowanne ya sami abokinsa. Ya sake cika fom, wannan karon ya rubuta RRN mai ƙarewa da 4417, ya ƙara da cewa akwai wani ciniki mai ƙarewa da 4418 wanda ya yi nasara kuma ba shi yake ƙorafi a kai ba. Wannan jimla ɗaya ita ce ta rufe ƙofar da aka bi aka ƙi shi da farko. Da tambaya ta sake zuwa wa mai shago, babu rasit mai APPROVED da ke ɗauke da waccan lambar, kuma da ya duba kuɗin da aka biya shi sai ya ga rarar 85,000 da bai san da ita ba. Ya amince, aka mayar.

Wani abu da ke sa mutane zarya a banza: mayar da kuɗi ba kullum yake zuwa da alat ba. Saƙon cirewa yakan iso, na mayarwa ya ɓace ko ma ba a tura shi ba. Kafin a tafi banki a buɗe tarihin asusu a nemi layin shigar kuɗi mai daidai adadin, wanda galibi ake farawa da RVSL ko REV, sannan a duba ko lambar da ke jikinsa ta dace da ta cirewar. Na sha ganin mutum ya yi sahu tun safe, a buɗe masa asusu a nuna masa cewa kuɗinsa ya dawo tun daren da abin ya faru, ya ma kashe shi bai sani ba.

Taransifa tsakanin bankuna labarinta ya ɗan bambanta, kuma a nan ne aka fi biya sau biyu. Irin wannan tura kuɗi yana bi ta tsarin NIP na NIBSS, wanda aka fara a 2011. Bankinka yana cire kuɗin ne tun kafin ya tura saƙo, sannan ya jira bankin mai karɓa ya ce ya karɓa. In amsa ta zo da ƙi, sai ya mayar maka. In shiru aka ji, ba ya gaggawar mayarwa, domin wataƙila kuɗin ya shiga can, amsar ce ta ɓace, kuma in ya mayar maka asara ta hau kansa. Sai ya yi ta tambayar NIBSS halin da cinikin ke ciki har ya sami tabbas. Wannan zaman jiran shi ne abin da manhaja ke nunawa da Pending ko Processing. Kalmar ba ta nufin ya faɗi. Wanda ya ga Pending ya sake turawa, sau da yawa duka biyun ne ke shiga, kuma daga nan ba maganar banki ba ce kuma, sai roƙon wanda aka tura wa ya dawo da ɗaya.

Ƙa'idar CBN ta 2018 kan tura kuɗi nan take ta sa tarar Naira 10,000 a kan kowace taransifar da ta faɗi ba a mayar wa mai ita cikin awa 24 ba, idan an kai ƙorafi. Ta kuma sa irin wannan tarar a kan bankin da kuɗi ya iso masa amma ya wuce minti 4 bai saka a asusun mai karɓa ba. Wannan na biyun ya nuna cewa ba kullum laifin bankin mai turawa ba ne. Akwai lokacin da kuɗi ya bar shi lafiya, ya isa ɗaya bankin, ya tsaya a bakin ƙofa.

Abin da ke raba gardama a nan shi ne Session ID, lamba talatin da ke jikin rasit ɗin taransifa. A kula, manhajoji da yawa suna nuna lamba iri biyu. Akwai ta cikin gida, wadda ake rubuta wa Reference ko Transaction ID, bankinka kaɗai ya san ta. Akwai kuma Session ID, wadda bankin mai turawa da NIBSS da bankin mai karɓa duk suke gani. Idan ka ba mai karɓa lambar cikin gida ya kai bankinsa, za a ce masa ba a ga komai ba, kuma da gaske ba za a gani ba. Ita Session ID ana iya karanta ta. Ga misali da na ƙirƙira, na raba shi gida uku:

```
999000 250314142207 000000481735
```

Shida na farko lambar bankin da ya tura ne. Goma sha biyu na tsakiya shekara ce da wata da rana, sai awa da minti da daƙiƙa, wato 14 ga Maris, 2025, ƙarfe 2:22 na rana. Goma sha biyu na ƙarshe su ke bambanta ta da sauran. Ɗan kasuwar da ya san wannan yana da ƙaramar kariya daga rasit na bogi: in aka nuna masa rasit na yau amma tsakiyar lambar na nuna watan jiya, ya san tsohon rasit aka gyara. Sai dai lamba mai kyan gani ba shaidar biya ba ce. Shaida ita ce kuɗin ya bayyana a asusunsa, ba a alat ba, ba a hoton wayar mai saye ba.

Idan mai turawa ya ce ya fita, mai karɓa ya ce bai gani ba, aikin mai karɓa ne ya kai Session ID bankinsa a duba. In sun gan ta, su za su saka kuɗin. In babu ita a wurinsu, mai turawa ya koma nasa bankin da ita ya nemi a gaya masa matsayinta a NIBSS. Amsar ɗaya ce cikin biyu: ta yi nasara, ko ta faɗi, kuma kowacce ta nuna bankin da kuɗin ke hannunsa.

Ba da waɗannan lambobi ba shi da haɗari. RRN da STAN da Session ID ba sa buɗe asusun kowa. Abin da ma'aikacin banki ba ya buƙata don mayar da kuɗi shi ne lambar sirrin kati, da lambobi uku na bayansa, da lambar OTP da ake turowa waya. 'Yan damfara suna fakon masu ƙorafi a shafukan sada zumunta, su kira da sunan banki su ce za su mayar da kuɗin yanzu in an karanto musu lambar da ta shigo. Mai neman dubu tamanin da biyar sai ya wayi gari an kwashe sauran.

In wa'adi ya wuce banki yana ta cewa a ƙara haƙuri, akwai lamba ta ƙarshe da ya kamata a riƙe, wato lambar bin sawun ƙorafi. CBN ya wajabta wa bankuna su ba duk mai ƙorafi irin wannan lamba, amma sau da yawa sai ka tambaya ake ba ka. Ita ce shaidar cewa ka kai kuka a rana kaza. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, ana rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN ta cpd@cbn.gov.ng. A cikin wasiƙar a sa suna, sunan banki, rana da adadin kuɗi, RRN ko Session ID, lambar ƙorafin da banki ya bayar, da hoton rasit da na layin sitatimen inda aka cire kuɗin. Wanda ya rubuta musu kai tsaye ba tare da ya fara kai ƙorafi bankinsa ba, can za a mayar da shi ya faro daga farko.